Alamomi huɗu a jikin bokitin kulorin: a ina ya dace a ajiye shi a cikin gida?

Baban Ummi, Tudun Jukun:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga hoton wani bokitin roba da ƙanena ya kawo mini a makon jiya, wanda ya rage bayan sun kammala aikin wanke tankunan ruwa. Farin gari ne mai tsaba-tsaba, kilo 10, ya ce kulorin ne na tsabtace ruwa, in riƙa zubawa a tankinmu tunda damina ta kama kuma ruwan rijiya ya fara gurɓacewa. Idan kun duba takardar da ke manne a jikinsa za ku ga an rubuta Calcium hypochlorite 65%, da kalmar Danger da manyan baƙaƙe, sannan ga murabba'ai huɗu masu jan baki, kowanne a tsaye kan kusurwarsa. Na farko harshen wuta ne a kan wani da'ira. Na biyu kwalabe biyu ne suna ɗiga, ɗaya a kan hannun mutum, ɗaya a kan wani abu kamar sandar ƙarfe. Na uku alamar motsin rai ce, na huɗu kuwa busasshiyar bishiya ce da mataccen kifi. Yanzu haka bokitin yana cikin sitonmu na bayan gida, mai rufin kwano babu silin, inda nake ajiye janareta da jarkar fetur da ragowar man birki da buhun takin yuriya biyu da nake jiran lokacin zubawa. Yara huɗu ne a gidan, ƙaramarsu ba ta cika shekara uku ba. Ina roƙon masu sani su fassara mini waɗannan zane-zane, kuma su faɗa mini ko wurin da na ajiye shi ya yi.

Alhaji Tanimu, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Na shafe shekaru ina sayar da fenti da tina a kasuwar Sabon Gari, kuma duk gwangwanin da ka ga zanen wuta a jikinsa ma'anarsa ɗaya ce, wato abin yana kamawa da wuta, a nisanta shi daga murhu da ashana da kyandir. A ganina ka yi daidai da ka kai shi sito, domin kayan da ke kama wuta gara a tara su wuri guda a kulle, a san cewa ba a shiga ɗakin da fitilar kananzir ko taba. Abin da zan ƙara shi ne ka daina tayar da janareta a cikin ɗakin, ka riƙa fito da shi tsakar gida.

Malam Sabi'u, Samaru:
Alhaji, Allah ya saka da alheri, maganarku ta janareta gaskiya ce, amma ina neman izini in gyara ta farkon, domin a nan ne haɗarin yake. Na yi aikin kula da ɗakin gwaje-gwajen sinadarai har na yi ritaya, kuma wannan shi ne kuskuren da na fi gani a wurin sababbin ɗalibai. Zanen wuta iri biyu ne. Wanda ke jikin tinar da kuke sayarwa harshen wuta ne shi kaɗai a kan layi, shi ne ke nufin abin da kansa makamashi ne, yana ci da wuta. Wanda ke cikin wannan hoto kuwa harshen wuta ne a kan da'ira, kuma wannan da'irar ita ce ta sauya ma'anar gaba ɗaya. Shi wannan garin ba makamashi ba ne, sai dai idan ya ji zafi ko ya haɗu da wani abu yana sakin iskar oksijin, wadda ita ce abincin wuta. Ku tuna da maƙeri da zugazuginsa: zugazugi ba ya ƙonewa, amma shi ne ke mayar da garwashi ya kai zafin da zai tausasa ƙarfe. Wannan gari zugazugi ne da aka zuba a bokiti.

Saboda haka abin da alamar take umarta kishiyar abin da aka yi ne. Ba a haɗa shi ɗaki ɗaya da duk wani abu mai ci da wuta, kuma a cikin abubuwan da Baban Ummi ya lissafa babu ko ɗaya da ya dace ya maƙwabce shi. Fetur a bayyane yake. Man birki ya fi ba ni tsoro, domin idan ya zubo a kan wannan gari yana iya kamawa da wuta da kansa, ba ashana ba tartsatsi, kuma ba ya kamawa nan take, yakan ɗan yi shiru tukuna har mutum ya ɗauka babu komai ya sunkuya yana gogewa. Takin yuriya da duk takin da ke ɗauke da amoniya ma ba sa zama da shi, domin haɗuwarsu cikin danshi tana haifar da abin da ke fitar da iska mai guba, har ma da fashewa. Haka tsumma mai maiƙo, da garin katako, da kwali, da sukari. Baban Ummi, kada ka bari bokitin nan ya kwana a ɗakin yau.

Alhaji Tanimu, Sabon Gari:
To Malam, na karɓi gyara, ban taɓa lura da cewa da'irar tana da ma'ana ba. Sai dai ina da tambaya. Bokitin a rufe yake, jarkar fetur a rufe take, buhun taki a ɗaure yake. Ta yaya za su haɗu idan babu wanda ya zuba wani a kan wani? A shaguna muna ajiye kaya iri-iri a ƙuntataccen wuri shekara da shekaru, kuma Allah yana kiyayewa.

Malam Sabi'u, Samaru:
Tambaya ce mai kyau, Alhaji. Rabewar ba don ranar da komai yake lafiya ake yin ta ba, ana yin ta ne don ranar da kwano ya yi yoyo cikin dare, ko ɓera ya huda buhu, ko yaro ya ture jarka, ko kuma aka ɗauki gwangwanin da aka auna taki da shi aka tsoma a bokitin. Wannan na ƙarshen shi ya fi faruwa, domin kowa yakan miƙa hannu ne ga ma'aunin da ya fi kusa. Sannan ko da gobarar daga wayar janareta ta tashi, bokitin da ke gefe zai mayar da ƙaramar wutar da za a kashe da bokitin yashi ta zama wadda ba ta kasuwa, tare da hayaƙin kulorin a kai.

Akwai kuma batun ɗakin kansa. Garin yana lalacewa a hankali ko ba a taɓa shi ba, zafi da danshi kuma su ne ke hanzarta shi. Masu sarrafa shi suna gargaɗin kada a ajiye shi a inda matsakaicin zafin yini ya haura digiri 35. Duk wanda ya san Zariya a watan Maris da Afrilu ya san cewa a waje ma zafi yakan kusanci digiri 40 da rana, balle a ƙarƙashin kwano marar silin da ƙofa a rufe. Yanzu damina ce, zafin ya sassauta, amma ga danshi, kuma bokitin kilo 10 zai kai bazara mai zuwa har ya wuce. Wurin da ya dace shi ne mai inuwa, busasshe, mai iska tana ratsawa, a ɗora shi kan bulo don kada ruwan da ya kwanta a ƙasa ya same shi, a cikin bokitinsa na asali da murfinsa a rufe. Kada a juye shi a gwangwanin ƙarfe ko langa, domin yana cin ƙarfe, tsatsar kuma tana ƙara masa saurin lalacewa.

Nura, Kwangila:
Ni abin da na duba a hoton shi ne ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye, kuma ban gani ba. A shagon maganin feshi da nake taimaka wa yayana, da launin da ke ƙasan kwalba muke gane ƙarfin guba: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, kore kuma shi ne mafi sauƙi. Wannan bokitin ba shi da ƙoƙon kai, ba shi da jan layi a ƙasa, kuma abu ne da ake zubawa a ruwan sha. Ina ganin ba guba ba ne, alamar motsin ran kuwa cewa take yi a dai yi hattara kawai.

Malama Rakiya, Gyallesu:
Nura, launukan da ka ambata gaskiya ne, amma na magungunan feshi ne, ba a sa su a jikin irin wannan kaya, saboda haka rashinsu a nan ba ya nuna komai. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma zan gaya maka cewa zanen da ya fi tsorata ni a hoton nan shi ne na biyu, mai ɗiga a kan hannu. Ma'anarsa abin yana cin nama, yana ƙona fata, yana iya lalata ido har abada. Ƙoƙon kai yana magana ne a kan gubar da kaɗan daga cikinta ke kisa idan ta shiga jiki. Abu mai cin nama kuwa ba ya buƙatar ya zagaya jini kafin ya yi ɓarna, a inda ya taɓa yake yin ta, a baki da maƙogwaro da ciki. Yaron da ya haɗiye irin wannan yana iya rayuwa, amma maƙogwaronsa ya tsuke bayan makonni idan ciwon ya warke da tabo, har ya kasa haɗiye tuwo. Alamar motsin rai a wannan bokiti tana nufin yana cutarwa idan an haɗiye shi, mataki ɗaya ƙasa da ƙoƙon kai, ba lallashi ba ce.

Ina so iyaye su riƙe abu ɗaya. Idan yaro ya sa wannan a baki, kada a sa shi amai, domin abin zai sake ƙona hanyar da ya bi ya sauka. Kada a ɗura masa manja, kada a ba shi ruwan tsamiya ko lemun tsami da sunan karya ƙarfinsa, musamman shi wannan da ke fitar da iska mai guba idan ya haɗu da tsami. A kurkure masa baki da ruwa, a garzaya da shi asibiti, nan Shika ko wanda ya fi kusa, a tafi da hoton takardar bokitin a waya don likita ya san abin da yake fuskanta. Idan ido ne ko fata, a fara da ruwa tun a gida, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 ba tsayawa, a cire rigar da ta jiƙe, sannan a kama hanya.

Maman Hanifa, Ƙofar Doka:
Malama Rakiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ina yin sabulun ruwa na sayarwa, kuma buhun sodar da ake auno mana daga ciki yana da wannan zane na hannu da ƙarfe, amma mu a farar leda ake ba mu, babu rubutu babu alama. Shekarar da ta wuce na jiƙa soda a robar ruwan sha na ajiye ta ta huce a bayan ƙofa, ɗan maƙwabciyata ya shigo daga wasa ya ɗauka zai kai baki, Allah ya sa 'yata ta gan shi ta fisge. Ruwan soda fari ne tas, ba shi da wari, babu yadda yaro zai bambanta shi da ruwa. Laifina ne, kuma har yau idan na tuna gabana yana faɗuwa. Tun daga ranar na sayi jan bokiti mai murfi na rubuta a jikinsa da Hausa, na kuma sa kafinta ya kafa mini kanta can sama kusa da rufi, inda ko ni sai na taka kujera. Shawarata ga Baban Ummi ke nan, ya ɗora bokitin a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Malam Sabi'u, Samaru:
Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Rubutun da kika yi da Hausa da daina amfani da robar ruwan sha su ne mafi girman abin da kika yi. Amma kantar sama ban yarda da ita ba. A ɗakin gwaji ƙa'idarmu ita ce duk abin da ke ɗauke da zanen hannu da ƙarfe ba a ɗora shi sama da tsayin ido, saboda ranar da ya suɓuce a fuska zai zubo. Ki dubi kanki a kan kujera, hannu biyu a sama, riƙe da bokitin soda, kanki a ɗage kina kallonsa. Idan murfin bai zauna ba, ido ne zai fara karɓa. Bokitin kilo 10 kuwa ya fi haka nauyi da wuyar saukewa. Abin da ke hana yaro kwaɗo ne, ba tsayi ba, domin yaron da ya kai shekara huɗu ya iya jawo turmi ya taka.

Maman Hanifa, Ƙofar Doka:
Malam, ɗakin gwaji babu yara masu rarrafe a cikinsa. Ni a gidan haya nake, ɗaki biyu, kuma kwaɗo sai an tuna an kulle yake aiki. Mace tana tsakiyar haɗa sabulu a kira ta, ta fita da niyyar dawowa yanzu, kabad ɗin yana buɗe a daidai tsayin mai rarrafe. Kanta kuwa ba ta buƙatar a tuna da komai, da zarar an mayar da abu shi ke nan. Na ji hujjarku game da ido, zan rage yawan abin da nake ɗorawa ya zama ɗan kaɗan a roba mai murfin murɗawa, amma ba zan sauko da shi ƙasa ba.

Malama Rakiya, Gyallesu:
Kowannenku yana kallon haɗari na gaske. A abin da nake gani a wurin aiki, yaran da suka sha sun fi manyan da abu ya zubo wa yawa, shi ya sa zuciyata ta fi karkata ga Maman Hanifa idan kayan kaɗan ne kuma busasshe ne a mazubi mai ƙwari. Amma ruwan soda da aka riga aka jiƙa, da babban bokiti irin na Baban Ummi, waɗannan ba na sama ba ne ko kaɗan.

Baban Ummi, Tudun Jukun:
Na gode ƙwarai. Na je na fito da shi yanzu, kuma ga abin da na gani. Da na buɗe ƙofar siton na ji warin bilic, amma ba mai ƙarfi ba. Bokitin ba shi da ɗumi da na taɓa shi, bai kumbura ba, garin yana zuba bai dunƙule ba sai ɗan kaɗan a gefe ɗaya. Wurin da nake tunani shi ne ƙarƙashin bencin siminti da ke banɗakin waje, inda uwargida take ajiye ruwan wanke masai da sauran kayan shara, tunda duk kayan tsabta ne kuma babu fetur a can. Ya kuka gani?

Malam Sabi'u, Samaru:
A'a, Baban Ummi, banɗaki ya fi siton muni ta wata fuskar. Na farko wuri ne na danshi. Na biyu, yawancin ruwan wanke masai masu cire tsatsa da dattin da ya kafe asid ne a cikinsu, kuma asid idan ya taɓa wannan gari nan take yake sakin iskar kulorin. Ka ƙara girman hoton ka duba ƙananan rubutun da ke ƙasan alamomin. Za ka ga lambobi irin H272, wadda ke cewa yana rura wuta, da H314 ta ƙona fata da ido, da H302 ta cutarwa idan an haɗiye, da H400 ta kashe halittun ruwa. Idan kayan na kasuwar Turai ne za ka ga har da EUH031, wadda ke cewa haɗuwarsa da asid tana fitar da iska mai guba. Ka lura cewa wannan gargaɗi na ƙarshe ba shi da zane a cikin huɗun nan, a rubuce kawai yake, shi ya sa wanda ya tsaya a kan zane kaɗai yake faɗawa wannan rami. Ruwan batir ma asid ne, idan kana da batirin sola a gida ka raba su. Iskar kulorin ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan ninki biyu da rabi, tana kwanciya a ƙasa ne, wato daidai inda yaro yake wasa ko yake barci a kan tabarma.

Abin da ka gani a bokitin yana nuna bai lalace ba tukuna, sai dai ɗan dunƙulen nan shaida ce cewa danshi ya fara shiga. Daga yanzu ga abin da za ka riƙa lura da shi. Idan ka ga kwaɗo ko ƙusa ko fartanya da ke kusa suna yin tsatsa da sauri fiye da yadda aka saba, iska tana fita daga murfin. Idan rubutun takardar ya koɗe, ko robar ta fara tsagewa, ko garin ya zama dunƙule guda ko ya yi laima, ya kama hanyar lalacewa. Idan kuwa ka taɓa ka ji ɗumi, ko murfin ya kumbura, ko ka ga hayaƙi, kada ka ɗauke shi a hannu, kada ka buɗe, ka fitar da kowa zuwa ɓangaren da iska ke fitowa, ka kira 'yan kwana-kwana ka faɗa musu sunan abin. Wutar da wannan gari yake ciki da ruwa mai yawan gaske ake kashe ta daga nesa. Ruwa kaɗan ƙara mata zafi yake yi, lulluɓe ta da bargo ba ya aiki tunda abin yana samar da oksijin nasa, kuma tukunyar kashe gobara mai hoda, irin wadda ake ajiyewa a mota, galibi tana ɗauke da sinadarin amoniya, ba a fesa ta a kansa.

Nura, Kwangila:
Malam, na fahimci kuskurena game da ƙoƙon kai. Amma har yanzu abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Idan yana kashe kifi kuma yana cin nama, ta yaya ake zuba shi a ruwan da mutane za su sha?

Malam Sabi'u, Samaru:
Amsar tana cikin awo, kuma lissafin zai amfani Baban Ummi. Ga ruwa mai haske, abin da aka saba zubawa bai wuce kimanin miligiram 2 na kulorin a kowace lita ba, a jira minti 30, ana neman abin da zai rage a ruwan ya kasance tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita. Tankin lita 1,000 ke nan yana buƙatar giram 2 na kulorin, tunda kuma garin kashi 65 cikin ɗari ne, kimanin giram 3 za a auna, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ruwa mai laka yana cin fiye da haka, gara a bar shi ya kwanta a tace, kuma a nemi ma'aikatan lafiya ko na ruwa su gwada da abin gwaji maimakon a ƙara da ka. A kan wannan awo, kilo 10 zai yi cikon tanki sama da sau 3,000. Ko kullum ake cika tankin sai ya shekara takwas bai ƙare ba, alhali ƙarfinsa zai ragu tun kafin nan. Wato gidan yana ɗauke da haɗarin kilo 10 saboda buƙatar da ba ta wuce kusan kilo ɗaya a shekara ba. Ra'ayina shi ne ka mayar wa ƙanenka bokitin, ko ka ba waɗanda ke aikin ruwa da yawa kuma suna da wurin ajiya, ka riƙe kaɗan.

Wajen awo, cokalin roba busasshe za a keɓe masa shi kaɗai, a buɗe bokitin a fili tare da kawar da fuska, da safar hannu ta roba da tabarau. Garin ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan garin. Abin da ya zube a ƙasa kuma ba a mayar da shi cikin bokiti, domin ba a san abin da ya kwaso ba, sai a narkar da shi a ruwa mai yawa a waje.

Alhaji Tanimu, Sabon Gari:
Malam, a nan ina ganin maganarku ta ci karo da juna. Ɗazu kun ce a bar shi a bokitinsa na asali, yanzu kun ce ya riƙe kaɗan ya bayar da sauran. Wanda zai riƙe a cikin me zai zuba? Ai mun koma ga farar ledar da Hajiya ta yi kuka da ita, kuma a kasuwa na san yadda abin yake, da zarar kaya ya bar mazubinsa sunansa ya ɓata.

Malam Sabi'u, Samaru:
Kun kama ni da gaskiya, Alhaji. Mafi kyau shi ne ya bayar da bokitin gaba ɗaya ya sayi ƙaramin mazubi da aka rufe tun daga kamfani da takardarsa. Idan hakan bai samu ba, abin da zan iya amincewa da shi shi ne sabuwar roba mai kauri, busasshiya, wadda ba ta taɓa ɗaukar komai ba kuma ba ta yi kama da ta abinci ko ta abin sha ba, a buga wannan hoton a manna mata, a rubuta da Hausa cewa yana ƙona ido kuma ba a haɗa shi da mai ko taki ko ruwan wanke masai. Na san wasu abokan aikina ba za su yarda da ko wannan ba, kuma suna da hujja.

Malam Ɗanlami, Dakace:
Ni mai kiwon tarwaɗa ne, kuma ban ga an tsaya a kan zane na huɗu ba. Kifi ba ya jure kulorin ko da a ƙaramin awon da mutum yake sha lafiya, domin ta cikin matattarar numfashinsa yake shiga. Duk wanda yake da kifi a gida kada ya ba su ruwan tankin da aka zuba wa wannan gari. Kuma idan garin ya lalace kada a juye shi a kwata, domin kwatocinmu a kogunan Kubanni da Galma suke ƙarewa. Wurin ajiyar ma ya zama inda ruwan sama ba zai ɗebe shi ba, nesa da bakin rijiya. Tambayata ita ce bokitin idan ya ƙare, tunda na san a gidajenmu ba a yar da bokiti mai murfi, gobe za a gan shi da gero a ciki.

Malama Rakiya, Gyallesu:
A ɗauraye shi sau uku da ruwa mai yawa a fili, a yi amfani da ruwan ɗaurayar wajen wanke daɓen tsakar gida, ba a cikin masai da aka zuba wa ruwan wanki mai asid ba. Bayan haka ni dai ina ganin a huda gindinsa don kada ya koma madafa. Na san wasu za su ce asara ce, tunda kulorin yana wankuwa ba kamar maganin feshi ba, amma idan yara suka saba ganin bokiti mai jan murabba'i da abinci a ciki, ranar da suka ga mai gari ba za su ji tsoronsa ba.

Baban Ummi, Tudun Jukun:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira ƙanena, ya ce zai zo ranar Asabar ya ɗauke bokitin ya mayar wurin aikinsu, kuma zai duba mini ko ana samun ƙaramin mazubi mai takarda. Kafin nan na ɗora shi a kan bulo biyu a cikin tsohon akurkin bulo da ke zauren baya, wanda babu kaji a ciki tun bara. Na share shi tas, akwai inuwa, iska tana shiga ta raga, rufinsa ba ya yoyo, na kuma sa kwaɗo na riƙe makullin a aljihuna. Abin da ya rage mini shi ne buhunan yuriya da ke nan a sito tare da fetur da janareta. Na duba buhun ban ga jan murabba'i ko ɗaya a jikinsa ba. Malam Sabi'u, shin rashin alamar yana nufin zai iya zama a can har lokacin zuba taki, ko shi ma in nema masa wani wuri?